Layin da Aka Kulle a Akwati

Ƙanena ya rasu da damina, bayan ɗan gajeren ciwon ciki da muka ɗauka na kwana biyu ne. Tela ne a babbar kasuwar Garwa, yana zaune a unguwar Poumpoumré da matarsa da 'yarsu guda ɗaya, wadda aka sa wa sunan mahaifiyarmu, shi ya sa ban taɓa kiranta da komai ba sai uwata. Shekararta huɗu a lokacin. Ba mutuwar nake son ba da labari ba, don mutuwa ba ta da abokin faɗa. Abin da ya biyo bayanta ne har yau in na tuna nake jin wuyana yana ɗaukar zafi.

Kafin rasuwar uban da 'yan watanni, yarinyar tana wasa a tsakar gida tsinken kara ya soke ta a idon hagu. Ciwon ya warke, amma sai wani farin abu ya fara taruwa a tsakiyar baƙin idon. A wani ƙaramin asibitin ido da ke unguwarmu aka ce yana ce, kuma ana cirewa, sai dai aikin yara ƙanana sai likitocin da wata ƙungiya ke kawowa daga Yawunde sau ɗaya a shekara. Likitan ya ja wa ƙanena kunne, ya ce idon yaro ba kamar na babba ba ne, in ya daɗe a rufe sai ya manta yadda ake gani, ko an buɗe shi daga baya. Ƙanena ya sa sunanta a jerin masu jira, ya ba da lambar wayarsa. Aka ce in an sa rana saƙo zai shigo wannan lambar.

Ranar sadakar uku babban yayanmu ya sa aka tattara kayan mamaci. Yaya mutum ne mai tsoron Allah, wannan ba zan hana shi ba, amma irin tsoron nan ne da ba ya barin mutum ya saurari kowa. Keken ɗinki, almakasai, riguna, agogo, da wayar, duk ya sa aka lissafa a gaban shaidu. Ya kashe wayar da hannunsa, ya naɗe ta a hular marigayin, ya sa a akwatin ƙarfe ya datse da kwaɗo. Ya ce ba mai taɓa ko allura sai ranar rabon gado. Rabon gadon kuwa sai an sayar da wani fili da mahaifinmu ya bari a Fitowa, wanda ƙanena ke da kaso a ciki, kuma sai wani ɗan'uwanmu da ke fatauci a Kuseri ya samu zuwa. Kowa ya san wannan ba maganar gobe ba ce.

Matar ƙanena ta shiga takaba, ba ta fita. Ita ce ta tuna, bayan an watse, ta kira ni ɗaki ta ce, “Goggo, saƙon asibiti fa a wayarsa zai shigo.” Tana kirana Goggo ne da bakin 'yarta. Na ce ta kwantar da hankalinta, gobe zan je a canza lambar zuwa tawa. Na ɗauka abu ne na goge wannan a rubuta wancan.

Sakatariyar asibitin wata matashiya ce 'yar Mandara, Kirista, mai Hausar kasuwa mai daɗi, kuma ba ta da wulaƙanci. Ta yi min ta'aziyya, ta juyo da fuskar kwamfutar don in gani. Ta ce jerin ba a hannunta yake ba, na ƙungiyar ne, can Yawunde ake riƙe da shi. In za a canza lamba, na'urar tana tura wasu lambobin sirri, kod suke ce masa, zuwa tsohuwar lambar, sai an karanto su an shigar sannan ta karɓi sabuwa. An yi haka ne don kada wani ya zo ya karkatar da gurbin wani.

“Madame, ki kawo wayar kawai,” in ji ta. “Minti biyu ne. Kod ya shigo, mu sa, c'est fini.”

Na tafi wurin Yaya da yamma, na same shi a zaure. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa bayani dalla-dalla, na ce ba ɗaukar wayar zan yi ba, ya riƙo ta da kansa mu je tare, ko a kunna ta nan gabansa.

“Dukiyar marainiya ce,” ya ce.

“Yaya, ai don marainiyar nake roƙo.”

“Yau ki ce waya, gobe wani ya ce keke, jibi a ce agogo. In na buɗe wa mutum ɗaya na buɗe wa kowa. Kuma akwai kuɗi a layin nan, in wani abu ya ɓace wa za a tambaya ranar lahira? Ke ko ni?”

“To a kira shaidun su tsaya.”

“Na rufe a gaban mutane, a gaban magada zan buɗe. Tashi ki je, Allah ya yi miki albarka.”

Albarkar nan ta fi zagi ƙona min rai. Na koma sau biyu, na tura masa limamin unguwa, liman ya ce masa ba laifi a kunna, Yaya ya ce ya ji, zai duba. Duk wanda ya san Yaya ya san ma'anar zai duba.

Da na koma asibiti hannu rabbana, sakatariyar ta kawo dabara. Ta ce in an sa rana, saƙon yana cewa a amsa da ɗaya in za a zo, ko da biyu in an fasa. Wanda bai amsa komai ba, ba a cire shi. Sunansa yana fitowa a wani jeri daban da ake turo mata, na waɗanda ba su amsa ba, ita kuma aikinta ne ta neme su. Tunda wayar tana kashe a akwati, ba mai amsawa, sunan yarinyar zai faɗo hannunta, ita kuma ta kira ni. Ta adana lambata a wayarta ina kallo. Na fito ina jin daɗi, har na tsaya na saya wa uwata makala, irin fanken nan, a bakin hanya. Dabarar ba ta da aibu ko kaɗan, in da layin da ke akwati zai zauna yadda aka ajiye shi.

Abin da ba wanda ya tuna a cikinmu shi ne layi ba agogo ba ne. Kamfanin waya ba ya sayar maka da lamba har abada. In ta yi watanni ba kira, ba saƙo, ba a sa mata kuɗi, sai su rufe ta, in an ƙara jimawa su buga ta a sabon sim su sayar wa duk wanda ya zo da katin shaidarsa. Ɗan guntun da ke cikin wayar yana nan a naɗe cikin hula, amma lambar ta riga ta fice daga akwatin ba tare da an taɓa kwaɗon ba.

Takaba ta ƙare, aka shiga rani. Ina leƙa asibitin lokaci-lokaci, sakatariyar tana cewa ba a sa rana ba tukuna. Idon yarinyar ya fara kaucewa gefe, in tana kallonka sai ka ga na dama yana kanka, na hagun yana wani wuri. Uwar tana ganin haka tana yin kamar ba ta gani ba. Sai ciwon ƙafar mijina ya tashi, na yi makonni ina jinya, ban leƙa ba, hankalina kwance tunda na san za a kira ni.

Wata maƙwabciyata ce mai sayar da kifi ta ce min, tana auna min, wai ta ga motar likitocin ido a ƙofar asibiti, yara cike da farfajiya. Na bar kifin a hannunta. Na tare moto, babur ɗin haya, na biya na ɗauko uwata ko wanka ba a yi mata ba, muka isa.

Sakatariyar tana ganina ta miƙe. Ta ce ta duba jerin waɗanda ba su amsa ba tun ranar da ya iso, ba ta ga sunan ba, sai ta ɗauka mun samu an buɗe akwatin mun amsa da kanmu. Ta duba jerin masu zuwa, babu. Ta shiga can ciki ta nemo sunan, na ga fuskarta ta canza.

“Madame, an rubuta refus du parent. Wai uban ya ce ya fasa.”

“Wane uban?”

“Daga lambarsa aka amsa. An danna biyu.”

Na ce mata uban yana maƙabarta tun damina, wayarsa tana cikin akwati, makullin yana aljihun mutumin da ko liman bai iya karɓa ba. Na faɗa da ƙarfi har iyayen da ke zaune suka juyo. Ita ce ta fara ganewa. Ta dafe kai ta ce, “Puce ɗin, sim ɗin nan. Sun sayar da lambar.”

A nan tsaye na ciro wayata. Sunan ƙanena yana nan ban goge ba, kuma tun rasuwarsa ban taɓa danna shi ba. Na danna. Na sa ran jin muryar nan ta kamfani mai cewa ba a samun lambar, sai na ji tana ringin. Na zauna a kan benci. Wani namiji ya ɗauka, ƙarar babura a bayansa, ya ce, “Allô, moy?” da Fulatanci, yana tambayar wane ne.

Ɗan moto ne a Maruwa. Da ya ji Hausa ya juya Hausa. Ya ce layinsa ne, ya saya da kuɗinsa, da katinsa aka yi rajista, kuma ya gaji. Tun da ya saya ake kiransa ana tambayar ɗinki, wata mata har ta zage shi a kan zanen biki. Na tambaye shi saƙon asibiti.

“Eh, sun dame ni. Yau saƙo, gobe saƙo, duk da Faransanci. Na kai wa mai cajin waya ya karanta min, ya ce wai in kawo yarinya Garwa a yi mata aikin ido. Ni ko aure ban yi ba, Hajiya. Ya ce in danna biyu za su rabu da ni. Na danna, suka rabu da ni.”

Na so in zage shi, zagin ya zo har bakina, amma ban san da wane laifi zan kama shi ba. Sai na roƙe shi. Sakatariyar tana raɗa min cewa in aka canza lambar zuwa tawa yanzu, za ta iya neman a maido da sunan daga sabuwar lambar. Na ce masa wani kod zai shigo wayarsa, don Allah ya karanto min.

Nan muryarsa ta canza. “A'a. Wannan kam a'a. Haka ake yi wa mutane, a kira ka da kuka a ce turo kod, kafin ka farga an kwashe maka komai. An yi wa abokina.”

“Ɗana, ka ji tsoron Allah, ga yarinyar nan a gabana, marainiya ce.”

“Kowa haka yake cewa. Ki yi haƙuri.”

Ya kashe. Na sake kira bai ɗauka ba, daga baya ma ya toshe ni. Abin haushin shi ne gaskiya ya faɗa. Ni kaina haka nake gaya wa 'ya'yana, kada su ba kowa kod ko da ya ce shi ne ubansu.

Na kutsa har wurin shugaban tawagar, wani dogon mutum mai farin gilashi da ke ta duba agogo. Ya saurare ni, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce gurbin an ba wani yaro daga Kolofata da iyayensa suka kwana biyu a hanya, kuma kayan aikin da suka zo da su a ƙirge suke daidai yawan yaran da suka amsa. Ya tambaye ni ko in ya cire wancan yaron zan iya zuwa in gaya wa uwarsa. Sannan ya ce, cikin sauƙi kamar yana gaya min farashin tumatir, ai da mun aika da takardar shaidar mutuwa zuwa ofishinsu, da an canza lambar da hannu ba tare da wani kod ba.

Na juya na kalli sakatariyar. Ta ce wallahi ba a taɓa gaya mata akwai wannan hanyar ba, kuma na yarda da ita, don idonta ya kawo ruwa. Acte de décès ɗin, takardar mutuwar, yana jakata tun watan rasuwar. Da shi na je asibitin nan sau nawa, yana rataye a kafaɗata.

Har yau wannan ne ya fi ci min rai. Mutanen da suka zauna a ofis mai sanyi suka tsara abin nan sun yi tunanin ɓarawon da zai saci gurbin wani, sun yi masa katanga mai kyau. Ba su yi tunanin cewa mutum yana mutuwa ba. Ba su yi tunanin cewa a nan ana sace waya a kasuwa kullum, ana jefar da layi a sayi wani don an yi rangwame, mata da yawa ma da lambar miji ko ta ɗa suke rajista. Sun ɗauki lamba kamar zanen yatsa. Saƙo ya tafi, na'ura ta nuna ya isa, an amsa, shi ke nan uba ya yi magana. Da saƙon ya fara da tambayar ko kai ne mahaifin wance, da ɗan moton ya ce a'a ya huta, mu ma mu huta. Da an ce duk wanda ya fasa a kira shi a ji daga bakinsa kafin a goge yaro, da kira ɗaya ya isa. Yaro ne fa ake cirewa daga aikin ido, ba tallar sabulu ake dakatarwa ba. Kamfanin waya kuma da na je, wata yarinya mai jan baki ta ce min doka ce ta ba su dama, kuma sun tura gargaɗi kafin su rufe layin. Na ce ina suka tura? Ta ce a layin.

Daga asibiti gidan Yaya na wuce, da yarinyar a hannuna. Ban durƙusa ba. Na tsayar da ita a gabansa na ce ya kalli idonta. Na gaya masa duk abin da ya faru, na ce dukiyar marainiya da yake gadi ga ta nan, an sayar da ita a Maruwa tun tuni, shi yana nan yana gadin hula.

Ya dubi yarinyar. Sannan ya ce, “Haka Allah ya ƙaddara.”

“Allah bai riƙe makulli ba, Yaya. Kai ka riƙe.”

Ban taɓa yi masa magana haka ba tun da aka haife ni. Matarsa ta leƙo daga cikin gida ta koma. Shi kuwa ya sunkuyar da kai yana jan carbi, ya ce in fita masa daga zaure. Mun fi shekara ba ma gaisawa sai a wurin rasuwa ko suna, kuma ban yi nadama ba. Na ji daga baya wai shi ya biya kuɗin maganin bayan aiki a ɓoye ta hannun uwar. Ya kyauta, amma ban je na yi godiya ba.

Na aika da takardar, aka canza lambar cikin sati guda, abin da ya gagara watanni. Aka maida sunan, a ƙarshen jeri, kamar sabon zuwa. Da likitocin suka dawo a shekara ta gaba, saƙon ya shigo wayata ina tsakar tuƙa tuwo, na danna ɗaya da hannu duk gari, na sake dubawa ya fi a ƙirga don in tabbatar ba biyu na danna ba.

Aikin ya yi kyau, haka suka ce. Farin ya fita, baƙin idon ya dawo tas, har uwar ta yi kukan murna da aka cire bandejin. Amma da aka rufe idon dama aka ɗaga mata yatsu, sai ta yi ta juya kai tana neman inda hannun yake. Likitar, wata mace mai sanyin murya, ta duba kwamfutarta ta dubi uwar ta ce, ba da faɗa ba, me ya sa aka fasa bara? Rubutun nan yana nan ba a goge ba. Uwar ta sunkuyar da kai, ni na amsa, kuma na amsa da tsawo. Da na gama likitar ta ce ta yi haƙuri, ba za ta iya rantsewa cewa da an yi bara da idon ya dawo duka ba, amma shekara guda a wannan shekarun ba ƙaramin abu ba ce. Ta ce abin da ya rage shi ne a riƙa rufe lafiyayyen idon na wasu sa'o'i kullum, a tilasta wa ragon ya yi aiki, wataƙila ya farfaɗo kaɗan.

Uwar ba ta iya yi. Da yarinyar ta fara kuka sai ta cire mata. Don haka aikin ya dawo kaina, kullum da hantsi ake kawo min ita, in zaunar da ita a kan tabarma in manna mata filasta a idon da take gani da shi, in zuba mata wake da masara a faranti in ce ta ware. Tana lalube da yatsu, tana kai fuska har hancinta na taɓa farantin. Ta daina kuka da wuri, yarinya ce mai haƙuri irin na ubanta. Wata rana tana cikin warewa ta tsaya, ta ɗago kai ta fuskanci inda take jin motsina, amma ta ɗan kauce, tana kallon randa.

“Goggo, kina nan?”

“Ina nan, uwata. Ga ni gabanki.”

“To cire min kaɗan in gan ki, sai ki mayar.”

Lokacin cirewa bai yi ba. Na ce mata ta ci gaba da ware waken.